Shafi Ɗaya Kafin Shiga Aji

Jawabin da shugaban wata makarantar firamare a jihar Kano ya gabatar wa malamansa a taron buɗe zangon karatu



Iyayena da yayyena a wannan aiki, ƙannena malamai maza da mata, barkanmu da dawowa daga hutu. Allah ya sa mun shigo wannan zango a sa'a.

Na san labari ya riga ni isowa. Tun kafin mu zauna an ce Hedimasta ya zo da sabon aikin rubutu, kuma na ga alamar hakan a fuskokin wasu. Ba zan ɓoye muku ba, akwai rubutu a cikin abin da na zo da shi. Amma ina roƙon ku saurare ni zuwa ƙarshe, domin rubutun da nake nema bai kai wanda kuke yi yanzu yawa ba, kuma akwai wanda zan sauke muku.

Bari mu fara da lesin not ɗin da muke da shi. Kowace Litinin littattafai suna taruwa a kan teburina, ina dubawa ina sa hannu. Rubutu mai kyau, an ja layi da jan biro, shafi uku ko huɗu a kan darasi guda. Sai in zagaya azuzuwa in tarar littafin yana ofis, malami yana aji, abin da ke cikin littafin daban, abin da ke kan allo daban. Wani littafin ma da na bara ne aka sake kwafa, kwanan wata kawai aka canza. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Tun muna makarantar horon malamai, lokacin da aka tura mu koyarwar gwaji, mun saba da cewa lesin not abu ne da ake rubutawa domin mai zuwa dubawa ya ba da maki. Muka fito da wannan fahimta, muka ci gaba da rubuta wa mai dubawa. Yaron da ke zaune a bencin baya bai taɓa amfana da shafukan nan huɗu ba.

Daga wannan zango, darasi ɗaya shafi ɗaya ne. A saman shafin akwai abin da jami'an duba makarantu ke nema: kwanan wata, aji, fanni, batu, da makon da batun ya faɗo a sikim. A ƙarƙashinsa tambayoyi huɗu ne malami zai amsa wa kansa. Me yaro zai iya yi da hannunsa ko da bakinsa a ƙarshen darasin nan wanda bai iya ba da safe? Me ya kamata a ce ya riga ya iya kafin in fara? Me zan yi, me su kuma za su yi, a cikin minti 35 ɗin nan? Da wace tambaya zan gane wanda ya iya da wanda bai iya ba? Can ƙasan shafin kuma akwai fili na layi uku da za a bari babu komai sai an fito daga aji. A nan malami zai rubuta abin da ya gani. A wurina wannan fili ya fi duk sauran shafin daraja, kuma zan dawo kansa.

Maganar baki ba za ta gamsar da ku ba, don haka bari mu ɗauki darasi guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Na zaɓi lissafin aji uku, ɗebewa da aro, domin malaman aji biyar da shida sun sha gaya mini cewa har a wurinsu yara na tuntuɓe a kansa.

A tsohon littafi za ka ga an rubuta manufar darasi kamar haka: ɗalibai za su fahimci ɗebewa. To ta yaya malami zai ga fahimta? Ba a ganinta da ido. A sabon shafi za mu rubuta: yaro zai ɗebe lamba mai gida biyu daga wata mai gida biyu, inda sai an yi aro, kamar 62 a ɗebe 28, shi kaɗai a littafinsa. Wannan abu ne da za ka iya tsayawa a kan yaro ka gani, ko ya yi ko bai yi ba.

Tambaya ta biyu ita ce wadda muka fi tsallakewa. Kafin yaro ya yi aro, dole ya san cewa 62 goma-goma shida ne da ɗai-ɗai biyu, kuma dole ya iya ɗebe 8 daga 12 ba tare da ya daɗe yana ƙirga yatsu ba. Idan bai san na farkon ba, duk abin da za ka faɗa a kan aro surutu ne a kunnensa. Zai ga ka soke 6 ka rubuta 5, ka ɗora ƙaramin 1 kusa da 2, ya kwafa kamar yadda ake kwafar zane. Saboda haka minti biyar na farko na wannan ne. Ka rubuta 47 a allo, ka tambayi goma-goma nawa ne a ciki, ka zaɓi mai amsawa da kanka daga tsakiya da baya, kada ka tsaya ga masu ɗaga hannu.

Sannan kayan aiki. Darasin nan yana son tsinke, na tsintsiya ya isa, a ɗaure goma-goma da zare ko roba. Ajin da ke da yara casa'in, idan aka raba su shida-shida, rukuni goma sha biyar ke nan, kowane rukuni kuma yana buƙatar tsinke saba'in ko fiye. Jimilla ya haura dubu. Malamin da ya tuna da wannan da safiyar ranar darasi ya makara, sai dai ya koma ga alli da baki. Wanda ya zauna ya tsara tun makon da ya wuce zai ce wa kowane yaro ranar Juma'a ya zo da tsinke ashirin ranar Litinin, monita ya tattara, a ɗaure su lokacin tara. Ko sisi ba a kashe ba.

Yanzu mun shiga tsakiyar darasi. Minti takwas malami yana yi suna kallo. Ka ɗaga ɗauri shida da tsinke biyu. Ka ce ana so a cire 28. Ka nemi tsinke takwas a cikin biyun nan, babu. Sai ka kwance ɗauri ɗaya a gabansu, a hankali, kowa yana gani. Ɗauri ya koma biyar, tsinke ya zama goma sha biyu. Ka tambaye su: an ƙara wani abu? An rage wani abu? Har yanzu 62 ne. Ka cire takwas, saura huɗu. Ka cire ɗauri biyu daga biyar, saura uku. Amsa 34. Duk abin da hannunka ya yi da tsinke, ka rubuta shi a allo nan take, domin yaro ya ga cewa soke 6 a rubuta 5 shi ne kwance ɗaurin nan da ya gani. Bayan haka minti takwas kuna yi tare, su da tsinkensu a rukuni, kai a allo. Sai minti tara kowa shi kaɗai a littafinsa, kai kuma kana zagayawa. Waɗanda suka halarci bitar koyar da karatu sun san wannan tsari da sunan ina yi, muna yi, kuna yi. Abin da shafin ya ƙara shi ne rubuta mintunan, domin idan ba a rubuta ba, ina yi ne ke cinye rabin sa'a, a buga ƙararrawa yara ba su taɓa fensir ba.

Saura minti biyar, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Mun saba rufe darasi da tambaya ɗaya: kun gane? Aji ya amsa da ƙarfi, e Malam! Wannan amsa ba ta gaya mana komai, yaran suna girmama mu ne kawai. A sabon tsari za mu ba su lissafi ɗaya su yi, kuma zaɓen wannan lissafi shi ne aikin da ba ya yiwuwa a tsaye gaban allo.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a ɗebewa da aro. Akwai yaron da ba ya yin aron sam. Idan ya ga ƙaramar lamba a sama, babba a ƙasa, sai ya juya su, ya ɗebe ƙaramar daga babbar. Akwai kuma wanda yake yin aron, amma ya manta bai rage gidan goma-goma ba. Ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Na farko bai san ma'anar gidajen lamba ba, sai an mayar da shi ga tsinke. Na biyu ya kusa isowa, tuni kawai yake buƙata.

To a ce ka ba su 52 a ɗebe 27, wanda amsarsa 25 ce. Yaro na farko zai ce 2 daga 7 saura 5, 2 daga 5 saura 3, ya rubuta 35. Na biyu zai ce 7 daga 12 saura 5, ya manta ya bar 5 ɗinsa yadda take, ya ɗebe 2, shi ma ya rubuta 35. Kuskure biyu, amsa ɗaya. Ka duba littattafai ka ga 35 ko'ina, ba ka san wa ke da wane ciwo ba. Amma ka ba su irin 62 a ɗebe 28. Mai juya lamba zai rubuta 46. Mai mantuwa zai rubuta 44. Wanda ya iya zai rubuta 34. Da kallo ɗaya ka rarrabe su. Idan 62 da 28 ka yi amfani da su wajen nuni, sai ka ajiye wa gwaji 73 a ɗebe 46: daidai 27, mai juyawa 33, mai mantuwa 37. Ƙa'idar ita ce kada tazarar lambobin gidan ɗai-ɗai ta zama biyar. Malamai, wa zai tuna da wannan yana tsaye gaban yara casa'in, alli a hannu, ana ƙara daga taga? Sai wanda ya zauna tun kafin ranar ya gwada lissafin da kansa.

Na san abin da ke ran malaman ƙananan azuzuwa: wa zai duba littafi casa'in a minti biyar? Ba a ce ka duba casa'in ba. Ka duba ashirin. Ka ɗauki layi biyu, ka fara daga baya, gobe ka ɗauki wasu layukan, ta yadda kafin mako ya ƙare ka ga hannun kowa. Ba maki za ka ba su ba, ƙirga amsoshi kawai za ka yi. Da ka fito sai ka cike filin nan na ƙasa. Misali: na duba 20, 11 sun samu, 7 sun juya lamba, 2 sun manta ragewa. Layi ɗaya ke nan. Layi na biyu: gobe zan sake da tsinke, in zaunar da masu juyawa a gaba. Shi ke nan.

Ga ƙa'idar da za mu bi gaba ɗaya. Idan waɗanda suka kasa sun haura kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ka duba, ba za ka wuce ba, gobe za ka sake darasin ta wata hanya. Idan ba su kai haka ba, ka wuce, amma ka riƙe sunayensu zuwa Juma'a. Darasin lissafi da na karatu na ranar Juma'a ba za mu sa masa sabon batu ba, ranar gyara ce. Wani zai ce sikim fa? Sikim ya ce mako kaza a gama batu kaza, kuma mai dubawa zai tambaya. Wannan nauyi na ɗauke shi. Duk malamin da ya tsaya a kan batu saboda abin da ya rubuta a filin ƙasa, ni zan tsaya gaban jami'in da ya zo in nuna masa shafin. Na fi son a same mu mun yi jinkirin mako biyu da hujja a rubuce, da a same mu mun gama sikim yara ba su iya ɗebe 28 daga 62 ba.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damun kowa, kuma da gaskiyarku. Na san da yawanmu idan an tashi akwai gona, akwai shago, akwai Islamiyyar yamma, mata kuma girki da yara na jiransu. Albashin bai kai a ce mutum ya dogara da shi kaɗai ba. Saboda haka ba zan ce kowa ya tafi da wannan aiki gida ba, kuma ba zan riƙe kowa bayan tashi ba. Ni da mataimakina mun gyara jadawali. Ranar Laraba, darussa biyu na ƙarshe, azuzuwa ɗaya zuwa uku suna hannun malaman addini da Larabci da na motsa jiki, malaman azuzuwan kuma su zauna tare na minti saba'in. Ranar Alhamis haka za a yi wa azuzuwa huɗu zuwa shida. Su kuma malaman addini da Larabci da motsa jiki nasu zaman ranar Talata ne. Malaman aji ɗaya su zauna wuri guda, na aji biyu wuri guda, haka har shida. Minti goma sha biyar na farko kowa ya karanta abin da ya rubuta a filin ƙasa cikin makon. Sauran lokacin a raba darussan mako mai zuwa, wannan ya ɗauki biyu, wancan ya ɗauki biyu, a rubuta, a karanta wa juna, a gyara. Aji uku A da B da C shafi ɗaya za su yi amfani da shi, filin ƙasa ne kawai kowa da nasa, domin yaran kowa daban ne. A makonni shida na farko fanni ɗaya kawai kowa zai yi wa wannan tsari. Masu riƙe da aji su fara da lissafi, sauran kowa da fanninsa. Duk fannin da ya shiga sabon shafi, an sauke masa dogon lesin not daga ranar.

Ga iyayenmu da suka haura shekara ashirin da biyar suna wannan aiki. Baba Malam, na ji an ce kun ce darasin yana kanku, ba kwa buƙatar takarda. Gaskiya ne yana kanku. Na tsaya a bakin taga na ga yadda kuke gane yaron da ya ɓace tun kafin ya buɗe baki. Damuwata ita ce ranar da za ku yi ritaya, duk wannan zai bi ku gida, yarinyar da aka turo mana bana da takardar NCE kuma ta fara daga tushe, ta yi shekara goma tana gano abin da za ku iya gaya mata a zama ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan rubutun ne nauyi, ku faɗa, ƙanana su rubuta. Abin da nake roƙo shi ne ku zauna a cikinsu, idan sun kawo tambayar gwaji ku ce musu wannan ba za ta nuna komai ba, ga wadda za ta nuna.

Akwai kuma masu cewa mun ga irin wannan da yawa, ya zo ya wuce. Wasunku sun yi aiki da littattafan darasi na shirin ESSPIN, wanda ya fara a 2008 ya kuma yi aiki a nan Kano da Jigawa da Kaduna. 'Yan'uwanmu na Sakkwato da Bauchi sun yi Mu Karanta, na Katsina da Zamfara sun yi RANA. An amfana da su, kuma da yawa daga abin da na faɗa yau a can muka koya. Sai dai kowane shiri yana da wa'adi, idan ya cika masu kawo littafi da masu zagayowa sukan koma. Wannan namu ba ya jiran mota daga ko'ina. Littafin rubutu ne da biro da minti saba'in da ke cikin jadawalinmu. Littattafan da suka rage a kabad ɗin ofis kuma za a fito da su, duk rukunin da ya ga darasi mai kyau a ciki ya ɗauka ya rage shi zuwa shafi ɗaya.

Kada in yi muku alƙawarin abin da shafi ba zai iya ba. Ba zai dawo da yaron da ke tafiya talla ranar kasuwa ba, ba zai rage yawan aji ba, ba zai gyara rufin da ke yoyo ba. A aji uku akwai yaran da ko lambobi zuwa ashirin ba su gama ganewa ba, darasin aro ba nasu ba ne tukuna, kuma gwajin minti biyar zai fito da su fili. Idan sun fito, za mu zauna mu ga yadda za a ware musu lokaci. Wannan magana ce ta wani zaman.

Tsarin kansa yana iya lalacewa, kuma ga yadda za mu gane. Idan na buɗe littafi na ga filin ƙasa an rubuta ɗalibai sun fahimta, Litinin haka, Talata haka, babu lamba ko ɗaya, to mun koma gidan jiya. Idan kullum ashirin cikin ashirin ne suka samu, ko dai tambayar ta yi sauƙi ko bencin gaba kawai ake dubawa. Idan zaman Laraba ya zama mutum ɗaya na rubutu sauran na hira, shi ma alama ce. Ni kuma ga nawa alƙawarin. Ba za a taɓa ba malami takardar tuhuma saboda ya rubuta cewa yaransa sun kasa ba. Wanda ya rubuta bakwai cikin ashirin ne suka samu ya yi aikinsa, domin ya duba kuma ya faɗi gaskiya. Idan zan shigo ajinka zan sanar da kai tun kwana ɗaya kafin nan, zan zauna a baya da shafinka a hannuna, littattafan yara zan duba, abin da za mu tattauna kuma tsakanina da kai ne. Ni ma na karɓi lissafin aji huɗu B a wannan zango. Shafina zai kasance a kan tebur ranar Alhamis tare da na kowa, a karanta a gyara.

Bayan mako shida za mu sake zama a wannan ɗaki, kowa da littafinsa. Abin da bai yi aiki ba ku faɗa a gabana, mu canza shi ko mu jefar. Kafin nan ina roƙon ku, don Allah da darajar yaran nan da iyayensu suka damƙa mana, ku ba shi makonni shidan nan da zuciya ɗaya. Mataimakina zai raba littattafan rubutu da samfurin shafin kafin a tashi yau. Zaman farko Laraba ce mai zuwa, malaman aji ɗaya zuwa uku, kowa ya zo da sikim ɗinsa da littattafan lissafi na yara biyar daga bencin baya.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a aikinmu.